Yadda ake ƙara wa katin girafik gudu ba tare da an wahalar da shi ba

Katin girafik da ke cikin kwamfutarka bai fito daga masana'anta a iyakar ƙarfinsa ba. Masu ƙera shi suna barin ɗan sarari, domin dubban katuna iri ɗaya su yi aiki lafiya ko da wani ya fi wani nagarta. Wannan sararin shi ake bi a cinye a hankali, aikin da masu harkar ke kira obakulok. Tun daga farko ka san abin da za ka samu: a katunan zamanin nan ribar takan tsaya tsakanin kashi 4 zuwa 10 cikin ɗari. Gem ɗin da ke ba ka hoto 60 a sakan zai koma 63 ko 65, ba 90 ba. Idan wannan ya ishe ka, bismillah.

Na sha yin aikin nan, kuma abin da ya fi cin masu koyo ba ƙonewar kati ba ne. Katin yau yana kare kansa, idan ya yi zafi ya rage gudu, idan abin ya ƙi ya kashe kansa. Abin da ke cin mutane shi ne su tsaya a lambar da ta yi kamar ta zauna, alhali ba ta zauna ba, sai bayan sati guda gem ya riƙa rufewa ba dalili, su yi ta zargin Windows.

Kayan aiki

Manhajoji huɗu za ka nema, duk kyauta ne. Ta farko MSI Afterburner, da ita ake canza lambobin, kuma tana aiki da katin kowane kamfani, ba na MSI kaɗai ba. Lokacin saka ta za ta tambaye ka ko ta haɗa da RivaTuner Statistics Server, ka amince, domin ita ce ke rubuta zafi da gudu a kusurwar allo kana cikin gem. Ka ɗauko ta daga shafin MSI na asali, domin akwai shafukan bogi da ke raba kwafin da aka cusa wa ƙwayar cuta. Ta biyu GPU-Z ko HWiNFO64, don ganin abin da ke faruwa a cikin katin. Ta uku manhajar da ke gwada ƙarfin katin ta ba shi maki, ni na fi son Unigine Superposition, amma Time Spy na 3DMark ma ya yi. Ta huɗu OCCT, wadda ke matsa wa kati kuma ta ƙirga kurakuran da ido ba ya gani.

Sai takarda da biro. Da gaske nake. Bayan canji goma sha biyar ba za ka tuna wace lamba ce ta ba da wane maki ba.

Idan katinka na AMD ne, ba dole sai Afterburner ba. Cikin AMD Software: Adrenalin Edition ka shiga Performance, sannan Tuning, duk abin da ake buƙata yana nan. Misalina zai bi katin NVIDIA, inda hanya ta rabu zan faɗa.

Ka leƙa akwatin wutar kwamfutarka, wanda ke raba wa sassanta lantarki, kafin komai. Ramin da kati ke zama a ciki yana ba da wat 75, waya mai fil 6 tana ƙara 75, mai fil 8 tana ƙara 150. Kati irin RTX 3060 yana shan wat 170, kuma NVIDIA ta ba da shawarar akwatin wuta mai wat 550 gare shi. Idan naka da ƙyar yake ɗaukar nauyin da ke kansa yanzu, kada ka ƙara masa. Idan kuma katin yana da ramin wuta biyu, ka ba kowanne wayarsa daga akwatin in da hali, maimakon waya ɗaya mai baki biyu. A laftof ban cika ba da shawarar wannan aiki ba: yawancinsu an kulle iyakar wutarsu, kuma zafi ne ke riƙe da su tun asali.

Mataki na 1: share ƙura, ka auna katin yadda yake

Kashe kwamfuta, cire wayar wuta, ka hure ƙurar da ke tsakanin ƙarafan sanyaya, kana riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Katin da ƙura ta toshe zai ba ka lambobin ƙarya. Sannan ka tabbata direban katin, wato manhajar da Windows ke sarrafa shi da ita, sabo ne kuma ba ya ba ka matsala, ka rufe burauza da duk abin da ke gudana a baya.

Yanzu gwada katin ba tare da ka taɓa komai ba. Buɗe Superposition, zaɓi 1080p Extreme, ka gudanar da shi sau uku a jere. Na farko yakan fi maki saboda katin yana da sanyi, shi ya sa ba a dogara da gwaji ɗaya. A ce RTX 3060 ne a hannunmu, ya ba da 5,025, sai 5,018, sai 5,010. Matsakaicinsu 5,018 ke nan, kuma ka ga cewa bambancin maki goma sha biyar ba komai ba ne, rawar awo ce kawai. Wannan zai yi maka amfani nan gaba, lokacin da za ka so sanin ko maki ya faɗi da gaske.

Yayin gwajin ka bar GPU-Z a buɗe a shafin Sensors, ka rubuta GPU Clock, da GPU Temperature, da Hot Spot, da Board Power Draw. Wani abu zai ba ka mamaki. A takarda an ce gudun RTX 3060 ya kai 1,777 MHz, amma za ka gan shi yana yawo a wajen 1,900. Ba kuskure ba ne. Katin yana ƙara wa kansa gudu matuƙar yana da sanyi kuma wuta ta ishe shi, tsarin da NVIDIA ke kira GPU Boost. Don haka lambar da za ka saka ba gudu kake kafa masa ba, ƙari kake ɗorawa a kan abin da shi ya zaɓa.

A ƙasan wannan shafi akwai layin PerfCap Reason, wanda ke faɗin abin da ya riƙe katin. Pwr na nufin iyakar wuta ce ta tsayar da shi. Thrm zafi ne. VRel na nufin ya kai ƙarshen boltejin da aka yarda masa. Idan ka ga Thrm tun ba ka fara ba, ko zafin ya riga ya kai digiri 83, dakata a nan. Gyara sanyaya tukuna, ko iskar akwatin kwamfutar ce ko man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen sanyaya ne ya bushe. Ƙara wa irin wannan kati gudu ɗora wa gurgu kaya ne.

Wanda ba ya son GPU-Z, direban NVIDIA yana zuwa da umarnin da ke nuna waɗannan lambobi kowane sakan biyu:

```
nvidia-smi --query-gpu=clocks.gr,clocks.mem,temperature.gpu,power.draw --format=csv -l 2
```

Mataki na 2: buɗe iyakar wuta, ka saita fanka

A Afterburner ja Power Limit zuwa ƙarshe, ka danna alamar amincewa. Mutane na tsoron wannan, amma ƙarshen sandar kamfanin da ya ƙera katin ne ya kafa shi, ba za ta wuce abin da ya yarda ba. Wani kati zai ba ka 105, wani 110 ko fiye, wani kuma ya tsaya a 100 ƙyam. Idan naka bai motsa ba, ci gaba da sauran matakan, ribar ce kawai za ta ɗan ragu. Temp Limit yakan bi Power Limit idan an ɗaure su tare. Ni nakan raba su, in bar iyakar zafi a 83 ɗinta.

Core Voltage kuwa bar shi. Mai koyo ba ya buƙatarsa, zafin da yake jawowa ya fi gudun da yake bayarwa.

Fanka tana da tasiri fiye da yadda ake zato, domin katin NVIDIA yana sauke gudu kaɗan-kaɗan duk lokacin da zafi ya hau wasu 'yan digiri, tun kafin ya kai iyaka. Yayin gwaji ka kafe fankar a lamba ɗaya, kamar kashi 70, don kada canjin zafi ya rikita maka lissafi. Daga baya ka shiga Settings, shafin Fan, ka zana yadda kake so ta riƙa tashi, gwargwadon ƙarar da kunnenka zai jure. Abin da nake nema shi ne zafi ya tsaya ƙasa da 75 idan zai yiwu, kuma kada ya wuce 80. Hot Spot, wato wurin da ya fi zafi a ƙwaƙwalwar katin, yakan ɗara wannan da digiri 10 zuwa 15, wannan daidai ne. Idan tazarar ta haura 25, man sanyaya ne ko zaman ƙarfen ya karkace. A katunan AMD wannan lamba ita ce Junction, kuma kamfanin ya ce har 110 tana cikin ƙa'ida, amma ba wurin da zan so in yada zango ba ne.

Sake gwaji, ka rubuta. A misalinmu a ce maki ya koma 5,060 daga buɗe wuta kaɗai.

Mataki na 3: gudun ƙwaƙwalwar kati, taki ɗaya-ɗaya

A nan sandar Core Clock kaɗai za ka taɓa. Memory Clock ya zauna a sifili. Idan ka motsa biyun tare kuma abu ya lalace, ba ka san wanne ne mai laifi ba, aiki ya koma baya.

Girman takin 15 MHz ne. Ba son rai ba ne ya kawo lambar: katunan NVIDIA da yawa na jerin RTX suna hawa da sauka ne a matakalar 15 MHz, saboda haka idan ka saka +10 ko +20 za a lanƙwasa shi zuwa matakin da ya fi kusa, wani lokaci ma ka ga babu abin da ya canza. Don rage ɓata lokaci, nakan yi takin 30 har zuwa +90, inda yawancin katuna ba sa gardama, daga nan in koma 15. Kada ka ja sandar da linzami, danna kan lambar ka rubuta ta, ka danna Enter, sannan ka amince. A katin AMD ka ɗaga Max Frequency da 25 zuwa 50 a kowane zagaye, can ma ƙaramin taki idan ka kusa iyaka.

Bayan kowane taki, gudanar da Superposition sau ɗaya kana kallon allon da idonka, kada ka tashi ka bar shi. Idan ya ƙare lafiya kuma maki ya ƙaru, rubuta, ƙara wani takin. A misalinmu, +90 ya wuce, +105 ya wuce, +120 ya ba da 5,240, +135 da +150 suka wuce su ma. A +165 hoto ya daskare a tsakiyar gwaji, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, manhajar ta rufe, aka dawo fuskar Windows.

Kada gabanka ya faɗi, babu abin da ya ƙone. Windows yana da mai gadi da ake kira TDR: idan katin ya yi sakan biyu bai amsa ba, sai ya sake tayar da direban. Za ka iya tabbatarwa a Event Viewer, ƙarƙashin Windows Logs sannan System, inda za ka ga Event ID 4101 da wannan saƙo:

```
Display driver nvlddmkm stopped responding and has successfully recovered.
```

Bayan irin wannan faɗuwa ka sake kunna kwamfutar kafin ka ci gaba, domin wani lokaci direban yana dawowa a gurguje, katin ya maƙale a ƙaramin gudu, makin da zai biyo baya ya zama shirme. Adrenalin kuwa yakan mayar da duk saitinka zuwa na asali da kansa idan haka ta faru, ya kuma sanar da kai.

To, ina za a tsaya? Mai koyo zai ce +150, tunda shi ne na ƙarshe da ya wuce. A nan ake faɗawa rami. Gwajin minti uku ya nuna cewa +150 yana bakin gaɓa ne kawai. Ka ja baya taki biyu daga lamba ta ƙarshe da ta wuce, wato +120. Bambancin +120 da +150 bai kai kashi 2 cikin ɗari na gudu ba, ko hoto ɗaya a sakan da ƙyar zai ba ka, amma shi ne tsakanin kwanciyar hankali da gem mai rufewa a tsakiyar fafatawa.

Akwai gajeriyar hanya ga wanda ba shi da lokaci. Afterburner yana da OC Scanner ga katunan NVIDIA, yana ɗaukar wajen rabin awa yana laluben lambar da kansa. Sakamakonsa yakan yi taka-tsantsan, wanda ba laifi ba ne. Duk da haka sai ka gwada abin da ya ba ka kamar yadda za ka gwada naka.

Abin da ba na so ka yi shi ne kwafar lambar wani. Katuna biyu masu suna ɗaya, daga kamfani ɗaya, ɗaya zai ɗauki +180 ɗaya ya ƙi +100. Haka suke fitowa daga masana'anta, sa'a ce.

Mataki na 4: memori, inda shiru ba lafiya ba ne

Bar Core Clock a +120, ka koma kan Memory Clock. Fara da fahimtar lambar, don tana rikita mutane. Memorin RTX 3060 GDDR6 ne mai gudun gigabit 15 a sakan. Afterburner zai nuna maka wajen 7,500, rabin lambar, GPU-Z kuma ya nuna 1,875, kashi ɗaya bisa takwas. Abu ɗaya suke faɗa. Ma'ana, +100 a Afterburner +25 ne kacal a GPU-Z, shi ya sa takin memori ya fi na ƙwaƙwalwa girma a ido. Nakan yi takin 100 har +500, sannan in ci gaba da 100 ko in rage zuwa 50 idan maki ya fara jan ƙafa. Adrenalin yana nuna ƙaramar lambar ce irin ta GPU-Z, don haka a can takin 10 zuwa 25 ya isa. Wanda ya ɗauki +500 na Afterburner ya nufi Adrenalin da shi ya yi babban kuskure.

Ga abin da ya bambanta memori. Ƙwaƙwalwa idan ta gaza takan faɗi ka gani. Memorin zamani kuwa yana duba bayanan da ke kai da komo tsakaninsa da ƙwaƙwalwa, idan ya ga sun gurɓata a hanya sai a sake aiko su. Wannan ya fi bayyana a GDDR6X, amma GDDR6 ma yana yi. Sakamakon haka, idan ka wuce gona da iri ba lallai allo ya nuna komai ba. Katin zai ci gaba da aiki, yana ɓata lokaci wajen maimaita saƙo, gudunka yana zubewa kana murna da babbar lamba.

Maki ne kaɗai zai tona wannan. Duba yadda takardar misalinmu za ta kasance: +500 ya ba da 5,330, +600 ya ba da 5,350, +700 ya ba da 5,368, +800 ya ba da 5,381. A +900 sai 5,362. A +1000 kuma 5,290, kuma har yanzu ba ɗigo ɗaya a allo. Ƙololuwar tana +800, daga nan gangara ce. Faɗuwar da aka gani a +900 ta kusa rawar awo, don haka a irin wannan wuri ka maimaita gwajin sau uku kafin ka yanke hukunci, amma ta +1000 ba ta buƙatar shaida. Ka koma taki ɗaya ƙasa da ƙololuwa, +700.

Idan kana son ganin abin da ka samu a lissafi, memorin wannan kati yana da faɗin hanya bit 192. A 7,500 yana kwasar gigabait 360 a sakan. A 8,200 gudun ya zama gigabit 16.4, ka ninka da 192 ka raba da 8, ka samu 393.6. Jimillar aikinmu kuwa daga maki 5,018 zuwa 5,368, kusan kashi 7 cikin ɗari.

Mai katin GDDR6X, irin RTX 3080, ya sa ido kan GPU Memory Junction Temperature a HWiNFO64. Wannan memori yana da zafi, kuma katin yana fara rage gudu idan ya kai 110. Idan kana ganin sama da 100 tun kafin ka ƙara komai, ƙyale memorin yadda yake.

Mataki na 5: gwajin juriya

Abin da muka yi zuwa yanzu lalube ne. Yanzu za a gane ko +120 da +700 za su zauna tare.

Fara da OCCT. Zaɓi gwajin 3D Adaptive, ka sa shi ya riƙa sauya nauyi, ka bar shi awa ɗaya. Sannan gwajin VRAM na rabin awa zuwa awa, ka ba shi kashi 80 zuwa 90 na memorin. Hukuncin mai sauƙi ne: kuskure ɗaya ya isa a ce an faɗi. Idan a gwajin VRAM ya fito, rage memori da 100. Idan a na 3D ne, rage ƙwaƙwalwa da 15 ko 30, ka sake daga farko. Wanda bai samu OCCT ba, memtest_vulkan ƙaramar manhaja ce ta kyauta da ke gwada memori sosai, Unigine Heaven kuma za ka iya barinsa yana zagayawa na awa ɗaya a madadin gwajin 3D, sai dai shi ba ya ƙirga kuskure, idonka ne zai yi aikin. Ka mayar da murfin akwatin kwamfutar a rufe yayin wannan gwaji, domin a haka za ka riƙa amfani da kwamfutar.

Za ka ji ana yawan ambaton FurMark. Yana da amfani wajen gwada sanyaya da akwatin wuta na minti goma, amma ba na dogara da shi wajen tabbatar da gudu. Yana jan wuta da yawa har katin ya bugi iyakar wutarsa ya sauke gudu, sai ka ga yana tafiya a ƙasa da abin da yake yi cikin gem. Ka ga ke nan gudun da kake son gwadawa ma ba a kai gare shi ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da na daɗe ban gane ba. Na taɓa saita wani kati, ya wuce duk gwaje-gwaje masu nauyi, ya yi awanni a manyan gem lafiya lau, amma wani tsohon gem mara nauyi ya riƙa rufewa, wani lokaci ma tun a allon zaɓi. Sai da na zuba wa lambobin kusurwar allo ido na fahimta. A gem mai nauyi iyakar wuta tana danne katin, yana tafiya a tsakiyar matakala. A mara nauyi kuwa wuta ta wadata, katin yana da sanyi, sai ya haye can ƙololuwa, inda gwaje-gwajena ba su taɓa kai shi ba. Ƙarin da ka saka yana ɗaga matakalar ce gaba ɗayanta, daga ƙasa har sama, kuma za ka iya ganin zanenta idan ka danna Ctrl+F a Afterburner. Wani mataki zai jure, wani ya ƙi. Na rage 30, matsalar ta ɗauke.

Saboda haka gwaji na ƙarshe shi ne gem ɗinka na yau da kullum, na kwana biyu ko uku: mai nauyi, mara nauyi, da kuma wanda ke amfani da ray tracing, dabarar zana haske da inuwa kamar na gaske, idan kana kunna shi a saiti, domin yana tayar da sassan katin da sauran ba sa taɓawa, kuma shi ne ya fi saurin kayar da lambar da ke bakin gaɓa.

Karanta alamun

Ba kowace matsala ce ke nuna wuri ɗaya ba, ko da yake alamun sukan shiga juna. Ɗigo-ɗigo masu walƙiya, farare ko kore ko ja, ƙananan murabba'ai kamar allon dara, ko bangon da launinsa ya rikice, yawanci memori ne. Daskarewa, gem ya rufe ya jefo ka waje, ko dogayen tsinkaye su miƙe daga jikin abubuwa, sun fi karkata ga ƙwaƙwalwa. Saƙon DXGI_ERROR_DEVICE_REMOVED ko DXGI_ERROR_DEVICE_HUNG, da shuɗin allo mai VIDEO_TDR_FAILURE, duk dangin faɗuwar direba ne, ka fara rage Core Clock. Idan ba ka tabbata ba, mayar da memori sifili ka gani ko alamar ta tafi.

Akwai guda ɗaya da ba ta cikin wannan sahu. Idan kwamfutar ta mutu ɗif kamar an zare waya, ko ta sake kunna kanta ba shuɗin allo, ka zargi akwatin wuta. Katin yana fizgar wuta na ɗan ƙiftawar ido fiye da abin da manhaja ke nunawa, akwatin ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya katse. Rage megahaz ba shi ne maganin ba. Mayar da Power Limit zuwa 100, ka duba ko wayoyin sun shiga sosai. Idan ka ji ƙauri ko ka ga bakin waya ya canza launi, kashe nan take, kada ka sake kunnawa sai an duba.

Siririn kuka kamar na sauro da ke fitowa daga katin idan hotuna sun yi yawa a sakan ba alamar faɗuwa ba ce. Naɗaɗɗun wayoyin da ke kan katin ne ke karkarwa. Ka taƙaita yawan hotunan, zai ragu.

Mataki na 6: ajiyewa

Idan kwanakin gwaji sun wuce lafiya, danna alamar ajiya a Afterburner ka zaɓi gurbi na 1. Sai yanzu ne za ka kunna madannin da ke sa saitin ya hau tare da Windows. Kada ka kunna shi tun kana lalube, don idan lambar ta yi muni za ta riƙa kayar da allo duk lokacin da ka shiga. In hakan ta riga ta faru, shiga Safe Mode, inda manhajar ba ta tashi, ka cire ta ko ka goge fayilolin da ke cikin Profiles a inda aka saka ta. Babu abin da aka rubuta a jikin katin, duk wannan saiti a manhaja yake, madannin Reset kuma yana mayar da komai sifili. Abin da ke shiga jikin kati shi ne sauya BIOS ɗinsa, wanda zai iya kashe shi ya kuma ɓata garanti, kuma ba ya cikin wannan darasi.

Ajiye takardar nan taka. Sabon direba ko sabon gem na iya tona raunin da ba a gani ba, haka ma idan ɗaki ya ƙara zafi fiye da ranar da ka yi gwaji. Duk ranar da gem ya fara rufewa, danna Reset ka buga shi a saitin asali na awa biyu. Idan ya daina, rage 15 daga ƙwaƙwalwa ka sake gwajin OCCT. Idan bai daina ba, laifin ba na lambobinka ba ne, sai ka nemi shi a direba ko a gem ɗin kansa.